Difushan da taransifoma: yadda ake haɗa bidiyo daga rubutu

Tambaya: "Ina rubuta manhajoji, kuma na ɗan san yadda ake horar da modal. Amma manhajojin da ke haɗa bidiyo daga rubutu sun rikita ni. Wannan ya ce difushan ne, wancan ya ce taransifoma ne. Wanne ne a ciki, kuma me ke faruwa daga rubuta umarni zuwa fitowar bidiyo?"

Malam, duk su biyun suna da gaskiya, domin abubuwan nan biyu ba kishiyoyin juna ba ne. Difushan hanya ce ta koyo da samarwa: ana fara da hayaniya zalla, wato tarin lambobi barkatai, ana gyara ta kaɗan-kaɗan har ta zama bidiyo. Taransifoma kuwa tsarin injin ne da ake ɗora wa aikin gyaran a kowane mataki. Difushan na iya tafiya da wani injin daban, kuma shekarun baya da U-Net yake tafiya. Shi ma taransifoma yana iya haɗa bidiyo ba tare da difushan ba. Amma tun da William Peebles da Saining Xie suka fitar da DiT, wato difushan da ke tafiya da taransifoma, a ƙarshen 2022, sannan OpenAI ya nuna Sora a Fabrairun 2024, manyan modal na bidiyo da aka bayyana tsarinsu galibi sun koma haɗa su biyun.

Zan ɗauki bidiyo guda ɗaya mu bi shi daga farko zuwa ƙarshe, saboda a ganina wanda bai ƙirga lambobin da hannunsa ba bai fahimci dalilin da ya sa aka gina abin haka ba. Bidiyon namu yana da firam 81, faɗinsa fiksil 832, tsayinsa 480, yana tafiya firam 16 a daƙiƙa, wato kusan daƙiƙa biyar ke nan. Wannan yana cikin girman da modal ɗin Wan 2.1 na kamfanin Alibaba ke fitarwa, kuma na zaɓe shi ne don an saki lambobinsa a fili a 2025, kowa na iya dubawa.

Kowane fiksil yana ɗauke da lambobi uku, na ja da kore da shuɗi. Idan ka ninka 81 da 480 da 832 da 3, za ka sami lambobi miliyan 97 da ɗoriya. Babu wanda zai tura wannan tarin cikin babban inji sau hamsin ko ɗari don daƙiƙa biyar. Saboda haka matakin farko shi ne matsewa. Ana horar da wani ƙaramin modal daban, VAE, mai ɓangare biyu: ɗaya yana matse bidiyo ya zama ƙanƙanin tarin lambobi, ɗayan yana warware tarin ya dawo bidiyo. Robin Rombach da abokan aikinsa a Munich ne suka yaɗa wannan dabara a kan hotuna, kuma ita ce ginshiƙin Stable Diffusion na 2022. A bidiyo an ƙara mata matsewa ta fuskar lokaci.

A misalinmu VAE yana rage faɗi sau 8, tsayi sau 8, lokaci sau 4. Don haka 832 ya koma 104, 480 ya koma 60, firam 81 suka koma 21, kowane gurbi kuma yana riƙe lambobi 16 maimakon uku. Jimla lambobi miliyan 2 da kusan dubu 100, ragin ya kai kusan sau 46. Za ka lura cewa 81 ba ya rabuwa da huɗu. Dalili shi ne ana matse firam na farko shi kaɗai, sauran 80 kuma hurhuɗu, sai a sami 1 da 20. An yi haka ne don hoto guda ya shiga a matsayin bidiyo mai firam ɗaya, a horar da modal da hotuna da bidiyo tare. Shi ya sa kake ganin adadi irin 49 a CogVideoX ko 129 a HunyuanVideo: ninkin huɗu da ƙarin ɗaya.

Riƙe wannan da kyau: duk aikin difushan a cikin wannan matsattsen bidiyo yake faruwa. Babban injin bai taɓa ganin fiksil ko ɗaya ba. Abin da VAE ya kasa riƙewa ya tafi ke nan, komai ƙarfin injin da ke bayansa.

Yanzu ga yadda ake koyarwa. A ɗauko bidiyo na gaskiya, a matse shi, mu kira shi `x0`. A samar da hayaniya mai girma ɗaya da shi, `e`, kowace lamba a ciki an jefo ta ne daga rabon Gauss. A zaɓi wata lamba `t` tsakanin 0 da 1, sai a gauraya su:

```
x_t = (1 - t) * x0 + t * e
v   = e - x0
loss = mean((model(x_t, t, text) - v) ** 2)
```

Idan `t` na kusa da 0, gaurayen kusan bidiyon ne tsaf. Idan yana kusa da 1, kusan hayaniya ce zalla. Ana ba modal gaurayen, da darajar `t`, da bayanin bidiyon a rubuce, a ce ya faɗi `v`, wato alkiblar da ta taso daga bidiyo mai tsabta zuwa hayaniya. Mu gwada da lamba ɗaya tak daga cikin miliyan biyun nan. A ce ainihin darajarta 0.8 ce, hayaniyar da ta faɗo mata −0.4, `t` kuma 0.75. Gaurayen zai zama −0.1, amsar da ake nema kuma −1.2. Idan modal ya ce −1.0, ya kuskure da 0.2, sai a gyara faramitocinsa kaɗan ta yadda kuskuren zai ragu. Haka ake yi wa duk lambobin a lokaci guda, a kan bidiyoyi masu ɗimbin yawa. Koyarwar ke nan gaba ɗayanta. A aikin Jonathan Ho da abokansa na 2020, wanda ya farfaɗo da tunanin da Jascha Sohl-Dickstein ya kawo a 2015, hayaniyar kanta modal ke hasashe, cikin matakai 1,000. Siffar da na rubuta a sama, mai miƙaƙƙen layi tsakanin bidiyo da hayaniya, ta zo ne a 2022, kuma ita Wan da HunyuanVideo da Movie Gen na Meta suka bi. Lissafin ya bambanta kaɗan, amma tunanin ɗaya ne.

Wajen samarwa sai a bi hanyar a juye. Babu bidiyo a hannu, sai hayaniya sabuwa mai girman 21 sau 60 sau 104 sau 16. A tambayi modal alkibla, a yi taku kaɗan a kishiyarta, a sake tambaya:

```
x = randn(16, 21, 60, 104)
for t, dt in schedule:
    v = model(x, t, text)
    x = x - dt * v
video = vae.decode(x)
```

Mai tunani zai ce, tunda modal ya san alkibla, me ya hana a yi tsalle ɗaya a isa? Wannan tambayar ita ce zuciyar difushan. A lokacin da `t` yake 1, babu abin da ke gaban modal sai hayaniya da jimla, misali "kare yana gudu a bakin teku". Akwai bidiyoyi marasa iyaka da suka dace da wannan jimla: karen na iya zama a hagu ko a dama, baƙi ko fari, yana nufo kyamara ko yana barin ta. Modal da aka horar ya rage murabba'in kuskure ba ya zaɓar ɗaya daga cikinsu, matsakaicinsu duka yake bayarwa, domin shi ne amsar da ta fi ƙarancin kuskure. Matsakaicin dubban karnuka a wurare daban-daban kuwa dishi-dishi ne kawai, ruwan ƙasa a ƙasa, shuɗi a sama. In ka yi tsalle ɗaya, abin da za ka samu ke nan. Amma in ka yi ɗan taku, gaurayen ya ɗan karkata, wani ɓangare ya fi wani duhu kaɗan. A tambaya ta gaba modal zai ga wannan karkata, bidiyoyin da za su iya dacewa sun ragu, matsakaicin ya ƙara fitowa. Haka zaɓi ke ta ƙuntata har ya rage guda.

Daga nan za ka fahimci cewa matakan ba darajarsu ɗaya ba. Na farko-farko, inda hayaniya ta yi yawa, su ke yanke manyan hukunce-hukunce: ina abubuwa suke, ina suka nufa, yaya kyamara ke motsi. Na ƙarshe gashi da yashi da ƙyallin ruwa kawai suke gyarawa. Idan motsi ya karkace a matakai goman farko daga cikin hamsin, arba'in ɗin da suka rage za su ƙawata karkataccen motsin ne kawai.

Akwai wani abu game da hayaniya da ya fi damun bidiyo a kan hoto. Firam da ke maƙwabtaka kusan abu ɗaya suke nunawa, amma hayaniyar da aka zuba wa kowannensu daban ce. Modal na iya duba su tare, hayaniyar ta kashe juna, hoton da ke ƙasa ya bayyana. Ma'ana, `t` na 0.5 da zai ɓoye ƙaramin hoto sosai bai ɓoye dogon bidiyo ba. Idan ba a gyara ba, modal zai ɓata yawancin matakansa a inda aikin ya riga ya yi sauƙi. Shi ya sa ake tura jadawalin zuwa ɓangaren hayaniya mai yawa da wata lamba da za ka gani a saiti da sunan `shift`. Lissafinta `s*t / (1 + (s-1)*t)` ne. Da `s` na 5, matakin da zai kasance a 0.5 sai ya koma 0.83, wato rabin matakan duka ana kashe su ne a yankin da ake tsara motsi. Galibi, yadda bidiyo ya ƙara girma haka ake ƙara wannan lamba.

To, mene ne a cikin wannan `model` da muke ta kira? Nan taransifoma ya shigo. Shi jerin gutsattsari yake karɓa, waɗanda ake kira tokin, kamar yadda yake karɓar guntayen kalmomi a modal na harshe tun fitowarsa daga Google a 2017. Don haka sai a yanka matsattsen bidiyon: kowane gurbi biyu a tsaye da biyu a kwance, a firam guda, su zama tokin ɗaya. Kowane matsattsen firam ya ba da 30 sau 52, wato tokin 1,560. A ninka da 21, an sami 32,760. Kowane tokin yana wakiltar fili mai fiksil 16 sau 16 na tsawon firam huɗu. Lambobinsa 64 ne da farko, sai a faɗaɗa su zuwa 5,120 a babban Wan mai faramita biliyan 14, a lika masa alamar matsayinsa a lokaci da tsayi da faɗi, domin in ba haka ba injin bai san wane tokin ke kusa da wane ba.

Daga nan tokin ɗin su ratsa hawa 40. A kowane hawa abu uku ke faruwa. Na farko atenshan: kowane tokin yana auna dangantakarsa da kowane tokin, ya ɗebo bayani daga waɗanda suka fi shafarsa. Ta haka ne tokin da ke ɗauke da kunnen kare a daƙiƙa ta huɗu yake sanin launin da kunnen ya ɗauka a daƙiƙa ta farko. Na biyu, tokin ɗin bidiyo suna duba tokin ɗin rubutunka, wanda wani modal na harshe ya riga ya mayar lambobi. A Wan umT5 ne ke wannan aiki. Na uku, kowane tokin yana wucewa ta wani lissafi nasa shi kaɗai. Darajar `t` kuma ana shigar da ita a kowane hawa tana daidaita ma'aunin lambobin, don injin ya san ko tsara siffa ake yi yanzu ko gyaran gashi. A ƙarshe a mayar da kowane tokin lambobi 64, a jera su, an sami `v`.

Ga inda tsadar take. Kowane tokin zai dubi kowane tokin, don haka 32,760 sau 32,760, wato ma'aurata biliyan 1 da miliyan 73, a kowane kan atenshan, wato kowane ɗaya daga cikin rassan da ake raba aikin atenshan a kansu, a kowane hawa, a kowane mataki. Da za a ajiye wannan teburi a ƙwaƙwalwar GPU, kai ɗaya kawai zai ci kusan gigabait 2, kuma kawunan 40 ne a hawa guda. FlashAttention na Tri Dao, wanda ya fito a 2022, ya magance matsalar ajiyar ta hanyar yin lissafin gutsure-gutsure ba tare da rubuta teburin gaba ɗaya ba, amma bai rage yawan ninkin da za a yi ba. Ɗaga bidiyon zuwa 1280 sau 720, tokin su zama 75,600: sun ƙaru sau 2.3, amma aikin atenshan ya ƙaru sau 5.3. Ninka tsawonsa zuwa daƙiƙa goma, aikin ya kusa ninkuwa huɗu. Wannan lissafin shi kaɗai ya isa ya bayyana maka dalilin da ya sa yawancin manhajojin nan suke tsayawa a 'yan daƙiƙu.

Masu bincike na farko sun kauce wa wannan tsada ta raba atenshan gida biyu. Ɗaya yana aiki a cikin firam guda, tokin 1,560 suna duban juna. Ɗayan yana aiki a tsawon lokaci, amma a gurbi guda: tokin da ke wani lungu yana duban tokin 21 da ke wannan lungun a sauran firam. A misalinmu jimlar ba ta wuce ma'aurata miliyan 52 ba, ragin kusan sau 20 ke nan. Modal da yawa na 2022 da 2023 haka aka gina su, sau da yawa ta hanyar ɗauko modal na hoto a cusa masa hawan lokaci. Matsalar tana fitowa ne da zarar abu ya yi sauri. Ƙwallon da ke tafiya fiksil 20 a kowane firam ta yi fiksil 80 kafin matsattsen firam na gaba, wato ta tsallake tokin biyar. Atenshan na lokaci ya duba inda take ɗazu ya tarar da ciyawa. Dole bayanin ya zagaya, ya bi ta fili a wannan hawa, ya bi ta lokaci a na gaba, kuma a hanya yana zubewa. Abin da ido ke gani shi ne ƙwallon tana sauya girma ko launi tana tafiya. Wannan ne ya sa CogVideoX da HunyuanVideo da Wan suka haƙura suka biya kuɗin cikakken atenshan. A ra'ayina, wannan sauyin yana cikin manyan dalilan da suka sa motsi a bidiyoyin 2024 ya fi na shekarar da ta gabace ta tsayuwa, tare da ƙaruwar girman modal da ingancin bayanan da aka rubuta wa bidiyoyin horarwa.

Saura abu ɗaya a madaukin samarwa. Idan aka bar modal haka, yana bin rubutu sako-sako. Don haka lokacin horarwa ana ɓoye masa rubutun a wani kaso na misalai, ya koyi hasashe da rubutu da kuma babu rubutu. Lokacin samarwa sai a tambaye shi sau biyu a kowane mataki, a ɗauki bambancin amsoshin a ƙara masa ƙarfi: `v = v_u + w * (v_c - v_u)`. A nan `v_c` amsa ce da rubutu, `v_u` amsa babu rubutu, `w` kuma ƙarfin da aka ƙara, kuma bambancin nan shi ne tasirin rubutun zalla. Ho da Tim Salimans ne suka kawo dabarar, kuma a saiti za ka gan ta da sunan `guidance_scale` ko `cfg`, yawanci wajen 5 zuwa 7 a bidiyo. Sakamakonta ga lissafinmu shi ne matakai 50 sun zama kira 100 ga injin mai faramita biliyan 14, kowane kira hawa 40. Akwai hanyar rage wannan, inda ake horar da modal ɗalibi ya kwaikwayi sakamakon matakai da yawa na malaminsa cikin huɗu ko takwas. Yana sauri ƙwarai, amma sau da yawa bambancin abin da yake fitarwa yana raguwa, motsi ma yakan yi sanyi.

Ainihin kishiyar difushan ita ce samarwa bi da bi, yadda modal na harshe ke rubuta kalma bayan kalma. A nan ana mayar da kowane guntun bidiyo lamba guda daga wani ƙamus mai iyaka, taransifoma ya riƙa hasashen tokin na gaba daga waɗanda suka wuce. VideoPoet na Google, a ƙarshen 2023, haka yake aiki, da ƙamus mai shigarwa 262,144. Alfanunsa a fili yake: ba a ƙayyade tsawo tun farko ba, ana iya fara kallo kafin a gama, ana iya sauya umarni a tsakiya. Amma yana biyan farashi uku. Tilasta wa kowane guntu ya zama ɗaya daga cikin ƙamus yana zubar da bayani. Tokin dubu talatin suna buƙatar kira dubu talatin a jere, ko da yake kowane kira ya fi sauƙi saboda ana ajiye lissafin baya. Na ukun shi ya fi tsanani: abin da aka rubuta ya rubutu. An horar da modal yana ganin tarihi na gaskiya mai tsabta, amma wajen aiki abin da ya haifar da kansa yake gani, da kurakuransa. Ƙaramin kuskure a daƙiƙa ta biyu ya zama tubalin ta uku, a haka har hoton ya zame. Difushan ba ya fama da wannan a cikin gutsure ɗaya, domin duk firam ɗin tare ake gyara su, na ƙarshe yana iya shafar na farko kamar yadda na farko ke shafar na ƙarshe.

Shi ya sa ake ta aiki a tsakiyar hanyoyin biyu: a samar da 'yan firam da difushan, a riƙe su a matsayin tarihi, a samar da na gaba. Diffusion Forcing daga MIT a 2024 ya ba kowane firam nasa matakin hayaniya, ta yadda na baya za su kasance da tsabta yayin da na gaba suke cikin hayaniya. Self Forcing na 2025 kuma ya sa modal ya riƙa horo a kan abin da ya samar da kansa, don ya saba da kurakuransa tun kafin ya fita aiki.

Amfanin sanin duk wannan shi ne, in bidiyo ya lalace, za ka iya gane wane ɓangare ne ya gaza, maimakon ka yi ta sauya kalmomin umarni a makance. Idan ƙananan fuskoki na nesa suna narkewa, ko rubutun jikin allo ya zama zane marar ma'ana, fara zargin matsewa. Fuska mai faɗin fiksil 32 gurbi huɗu sau huɗu ce kawai a matsattsen bidiyo, tokin biyu sau biyu. Gwajin mai sauƙi ne: ɗauko bidiyo na gaskiya mai irin wannan fuska, ka matse shi da VAE ɗin ka warware nan take, ba tare da difushan ba. In fuskar ta lalace a nan, babu umarnin da zai cece ta, sai dai ka kusanto da kyamara ko ka ƙara girman bidiyon. Haka ma idan ƙananan zane kamar ganye ko saƙar tufafi suna ɗan ƙyaftawa a kai a kai duk bayan firam huɗu, sawun matsewar lokaci ne.

Idan launuka sun ƙone, fata ta yi sheƙi fiye da kima, gefuna sun yi kaifi, motsi kuma ya sandare, `w` ya yi yawa. Rage shi ka riƙe `seed` ɗinka yadda yake don ka ga bambancin shi kaɗai. Idan komai ya yi laushi, gaɓoɓi suna shiga juna, duba yawan matakai da `shift`. Idan ka nemi firam fiye da tsawon da aka horar da modal a kai, sai ka ga motsi yana maimaita kansa ko yana jan ƙafa, alamomin matsayi ne suka shiga yankin da injin bai taɓa gani ba. Idan kuma kana haɗa gutsure bayan gutsure, kana ɗora kowanne a kan firam na ƙarshe na wanda ya gabace shi, jera firam na farko na kowane gutsure gefe da gefe. Za ka ga launi yana ƙara kauri, fuska tana sauyawa a hankali. Taruwar kuskuren nan ce, kuma abin da ke rage ta shi ne ba kowane gutsure hoton asali guda ya riƙa komawa gare shi.

Akwai nau'in kuskure ɗaya da saiti ba ya gyarawa, kuma shi ya fi muhimmanci ka gane. Mutum ya shiga bayan bishiya ya fito da wata riga. Yatsu biyar sun zama shida a tsakiyar motsi. OpenAI da kansa ya faɗa game da Sora cewa mutum na iya gatsar biskit amma gurbin cizon bai bayyana ba, kuma fashewar gilashi ba ta fita daidai. Koma ka dubi lissafin horarwar da ke sama. Babu inda aka ce wa modal akwai wani abu wai shi mutum ko biskit wanda dole ya ci gaba da wanzuwa. An ce ne kawai ya rage matsakaicin kuskure a kan lambobi miliyan biyu. Gurbin cizo bai wuce 'yan tokin ba a cikin 32,760, don haka rashinsa kusan ba ya motsa `loss`, alhali shi ne abu na farko da idon ɗan Adam zai kama. Duk abin da modal ya sani game da nauyi da karo da ɗorewar abubuwa ya tsinto shi ne saboda yana taimaka masa cire hayaniya, kuma ya fi ƙarfi a kan motsin da ya gani da yawa, kamar tafiya da kaɗawar ruwa, ya fi rauni a kan abin da ke faruwa sau ɗaya ya sauya yanayin abu har abada, kamar karyewa da yankewa da zubewa. In aikinka na buƙatar irin wannan, ba modal firam na farko da na ƙarshe idan manhajar ta yarda, ka gajarta gutsuren ya tsaya a kan aukuwa ɗaya, sannan ka samar da shi da `seed` daban-daban ka zaɓa, domin tun a matakan farko ake yanke ko cizon zai bar gurbi ko ba zai bari ba.